Layin da Kawu ya sa na ƙara

Ina malamin elemantare a Kankiya, zamanin Turawa, lokacin da En'e, wato hukumar gargajiya, ta yi shelar neman mai kawo dawa gidan yarin Katsina na shekara guda. Sharuɗɗan ba su da yawa. Mai so ya rubuta farashin buhu, ya haɗa da rasiɗin harajinsa da sunan mai tsaya masa, ya ɗora wasiƙa a kai, ya liƙe ambulan, ya jefa cikin akwatin ofishin Ma'aji kafin ranar rufewa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, falke ne na hatsi a Kusada. Tun kaka ya ji ƙishin-ƙishin, ya bi manoman Dudunni ya saye dawa, har ya ari rumbunan maƙwabta. Kasuwar Kusada ba za ta iya shanye abin da ya tara ba kafin damina, in kuwa ta kai damina ƙwari sun samu. Kwangilar ce kaɗai mafitarsa.

Ya zo mini ranar Juma'a bisa jaki, takardun a naɗe cikin hula. Na zauna na rubuta wasiƙar yadda aka koya mana: ga wanda ya aiko, ga abin da yake nema, ga takardun da ke haɗe, ga alkawarin zai riƙe farashin da ya rubuta har ƙarshen shekara. Na karanta masa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Wanga ai sammaci ne, Malam. Ina gaisuwa? Ko jakina na fi yi ma ladabi."

Na ƙara gaisuwa. Ya ce a ƙara ban girma, na ƙara. Wannan bai dame ni ba, takarda tana ɗauka. Sai muka zo kan farashi.

"Ka rubuta musu cewa wanga kuɗi faɗa ce kawai. Abin da manya suka gani, shi ne."

Na ajiye alƙalami. Na ce masa kwamiti ne zai zauna, ya buɗe ambulan duka a zama ɗaya, ya jera farashi ya zaɓa. Babu ciniki, babu wanda za a kira a ce ya rage. Wanda bai tsayar da magana ba, ba su da abin da za su jera masa.

"Ni in yanke ma Ma'aji kuɗi, kamar ina saida ma Bafillatana gero? Tun ba a haife ka ba nike kai hatsi gidan sarauta. Ka aje, ka durƙusa, ka ce abin da aka gani. Ban taɓa tashi da asara ba."

Gaskiya ya faɗa, haka ya yi rayuwarsa. Muka yi ta jan zancen har la'asar. Matata ta aiko da fura, ya sha, ya dawo kan bakansa. Da na sake musawa sai ya tambaye ni ko dawar tawa ce. Na ɗauko sabuwar takarda na kwafe duka, na sa layin nasa a ƙasa. Ya dangwala yatsa, muka liƙe, ya bi motar gyaɗa zuwa Katsina ya jefa da hannunsa.

Amsa ta zo ta hannun ɗan aike, gajeriya: an gode, ba a karɓa ba. Da hutu na shiga Katsina na nemi akawun da ke rubuta zaman kwamitin, wanda muka yi makarantar Midil tare.

"Kai ka rubuta wasiƙar nan ta Kusada?" Yana dariya. "Mun gane hannunka. Gaisuwar kaɗai ta isa a naɗa mutum dagaci."

"Farashin fa?"

Ya daina dariyar. Ya ce na Kawu ne mafi sauƙi cikin duka. Baturen da ke zama da su ya sa aka fassara masa layin ƙarshe, ya tambaya, to nawa ke nan? Wani dattijo a kwamitin ya ce ladabi ne kawai, kowa ya san haka. Baturen ya ce mai binciken kuɗi daga Kaduna ba zai san haka ba. Aka ajiye wasiƙar gefe, aka ba na biye da shi.

Na hau keke zuwa Kusada na faɗa wa Kawu duka, ban rage ba. Yana zaune bakin rumbu, ya saurara har na gama.

"Dattijon nan ɗan wane gida ne?"

Na ce ban tambaya ba.

"Shi dai ya san mutane," in ji shi.

Dawar ya yi ta fitar da ita mudu-mudu a kasuwa har ruwa ya sauka. Rumbu biyu na aro ƙwari suka ɓata, aka zuba wa awaki.