Maɓallin da Ya Ce Gyara

A ofishin fassarar da ke saman shagon taya, Malam Wataƙila ake ce masa, don ba ka tambayarsa ma'anar kalma ya ba ka amsa ɗaya. Da can malamin firamare ne. Abin da ya kawo shi aikin nan bai wuce yayarsa ba, tela ce mai tsoron waya kamar wuta. Burinsa ta ga maɓalli da Hausa, ta danna hankali kwance.

Aikin kuwa na cin rai ne. Kamfanin manhaja zai turo kalmomin Turanci ɗai-ɗai, tsirara, babu hoton allo, babu bayanin inda za su zauna. Ba ka san ko umarni ba ce ko sunan shafi. Akwai gurbin tambaya a gefe, kullum yana cike shi, har yau babu wanda ya tanka.

"Malam, kai dai cike," in ji shugabar sashe. "In ka bar gurbi, aikin gaba ɗaya za su dawo mana da shi."

Da ya gaji, sai ya koyi dabarar 'yan sana'ar: in ka rasa tabbas, zaɓi kalma mai faɗi wadda za ta shige ko'ina. Haka ya yi da wata kalma a manhajar saƙonni. Tana iya nufin shirya kaya, tana iya nufin zubar da su. Ya yi ta jujjuya ta, ya rubuta Gyara, ya wuce.

Da manhajar ta fito, da hannunsa ya mayar wa Yaya wayarta Hausa, yana ta washe baki. A cikinta take ajiye saƙonnin muryar marigayi mijinta. Ba wata magana ba ce, yawanci cewa yake a ɗora ruwan wanka, ga shi nan tafe. Takan kunna tana ɗinki.

Wata safiya ta kira shi shagonta. Ya tarar keken a tsaye, wayar a kan yadi.

"Auta, cewa ta yi wuri ya cika. Na ga Gyara, na ce to madalla."

Gargaɗin da ya biyo baya da Turanci ya fito, don ba a kai ga fassara dogayen jimloli ba. A ƙasansa akwai To, shi ma aikinsa ne. Ta danna. Maɓallin na goge tsofaffin saƙonni ne don a sami wuri.

Ya duba ko'ina, mai gyaran waya ma ya duba, babu. Haka ya dawo mata da wayar.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Wayar kawai ta miƙo masa.

"Mayar min da ita Turanci, Auta. Can na san ban iya ba, ba na taɓa komai."