Lambar Ƙasan Takarda

Mu biyar ne a tsakar gidanmu na Kusada ranar nan, bayan la'asar: ni, da babban ɗana mai koyarwa a firamare ta Bauranya, da matarsa, da mahaifinta wanda na sa aka kira daga Kunduru, sai ƙanin marigayi mijina, wanda ya tsufa yana aikin biyan albashi a sakatariya. Ni na tara su, kuma na tara su ne don in tona wa surukata asiri.

Tun da ɗana ya fara aiki, albashinsa gabana ake ajiye shi, in ware na hatsi da na taki, in miƙa masa saura. Matarsa ke ciro shi wurin mai POS a Kankia, don can take aikin asibiti. Ban yi boko ba, amma hannuna ya san kaurin kuɗi. Wata uku ina jin sun rame da dubu goma sha biyu, ina ta kallonta. Ranar da na ga sabon mayafi a kanta na zaro takardar albashi daga aljihun ɗana, na kai wa mai shago, na ɗora yatsa kan lambar da ke can sama na ce ya karanta. Ya ce dubu casa'in da takwas. Ita kuwa saba'in da tara take kawowa.

Haka na faɗa a gaban ubanta, ban rage ko kalma ba.

“Inna, wallahi ban taɓa...” in ji surukata.

Ƙanin mijina ya sa tabarau ya karɓi takardar. “Yaya, wace lamba aka karanta miki?”

Na nuna masa.

“To ai wannan ko shi mai aikin bai taɓa riƙe ta a hannu ba. Kin auna gero da ƙaiƙayinsa.” Ya bi layukan da farce yana faɗa mini: wannan haraji, wannan fansho, wannan kuɗin ƙungiyar malamai. Duk ana cire su tun kuɗin bai bar ofis ba. “Abin da ya rage shi ne wannan na ƙasa, shi ake turawa banki. Dubu saba'in da tara da ɗari huɗu. Kai, miƙo wayarka.”

Ɗana ya miƙa wayar, kansa a sunkuye. Tsohon ya daɗe yana lalube. Ya ce ba a duba abin da ya rage a asusu, abin da ya shigo ake dubawa, kuma sai na watan da ke rubuce a takardar. Da ya samo saƙon bankin ya ajiye wayar a kan tabarma kusa da takardar, ya ce in matso. Ban san sunan lambobin ba, amma na san kamanninsu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na takarda da na waya. Ko ɗaya bai bambanta ba.

Duk da haka ban saki ba. Na ce, “To ɗari huɗun fa? Da abin da ya ragu wata uku?”

“Ɗari huɗun na nan cikin asusu, Inna,” in ji ta. “Ladan mai POS ma daga jakata nake biya.”

Ƙanin mijina ya koma kan wani layi da ya tsallake da farko. Ya dubi ɗana ta saman tabarau. “Malam, ka faɗa ko in faɗa?”

Rance ne. Ɗana ya karɓa a asusun adashin malamai kafin damina, ana cire dubu goma sha biyu duk wata. Da shi aka yi wa ɗakina rufin kwano, wanda ya ce mini da kuɗin ariyas, wato tsohon haƙƙinsa da gwamnati ta biya, aka yi, don ya san ba na yarda a ci bashi. Matarsa ta sani, shi ya roƙe ta ta yi shiru. Wata uku tana ganin irin kallon da nake mata, tana shiru.

Mahaifinta bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce, “Hajiya, tunda ba a samu komai ba, zan tafi da ita ta kwana biyu wurin uwarta.” Ta shiga ta ɗauko jakarta. Da ta zo wucewa ta durƙusa ta ce, “Inna, sai na dawo.” Na bi ta da kallo har ta fita. Aka yi ruwa da magariba, ina zaune ƙarƙashin kwanon nan ina jinsa, ko ɗigo bai sauko mini ba.

Da gari ya waye ban aiki kowa ba. Na ɗaure takardar a bakin zane, na hau mota zuwa Kunduru. Na tsaya a zauren gidansu na yi sallama, ni da ban taɓa zuwa ba wa na ƙasa da ni haƙuri ba, na ce a shiga a ce da ita uwar mijinta ce a ƙofa.