Gaisuwar safe zuwa Dudunni

A Dudunni aka haife ni, kuma darni ɗaya ne ya raba gidanmu da gidan su aminina. Tare aka yi mana kaciya, tare muka shiga makarantar allo, sai dai shi bai daɗe ba ya koma gona, ni na ɗan zauna har na iya rubutun ajami. Tun muna yara duk wanda ya riga tashi a cikinmu yakan leƙa ta saman darnin ya ce wa ɗaya ina kwana. Haka muka girma har kowa ya yi aure.

A zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙi, na koyi ɗinkin keke na koma Kankiya da iyalina. Na sami wuri a zauren wani dattijon malami, na kafa kekena a bakin ƙofa inda haske ke shigowa. Malam yana koyar da manya karatu, kuma shi ke rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa. Nisa bai raba ni da aminina ba. Kusan kowane mako yakan shigo kasuwa ya zauna a gefen kekena mu sha fura, in kuwa bai zo ba, saƙon baki yakan zo.

A wata damina matarsa ta haifi namiji. Ya aiko mini da goro da ranar suna. Na yi niyyar in tafi tun ana gobe suna, amma akwai rigunan mutane a hannuna, sai na ce bari in yi sammako. Da asuba aka kece da ruwa, rafin da ke hanya ya cika, waɗanda suka fita suka komo. Wannan uzuri ne da kowa zai karɓa. Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne washegari ruwan ya janye, ban tafi ba. Na ce sai jibi. Ana haka wani ɗan garinmu ya tsaya a zauren ya yi mini barka, ya ce ai sunana aka sa wa yaron.

Daga ranar kunya ta riƙe ni. Kullum na ga ranar zuwa ta ƙara nisa, sai bayanin da zan yi ya ƙara tsawo. Shi ma ya daina shigowa kasuwa, kuma bai aiko kowa ba. Na ɗauka fushi ne, kuma na ga ya yi daidai. Aka yi mako shida a haka.

Wata rana da la'asar na sayo takarda a kanti, na ari tawada da alƙalamin Malam, na zauna na cika shafi gaba da baya. Na faɗi rigunan, na faɗi ruwan, na faɗi sunayen waɗanda suka komo daga bakin rafi don su zama shaida, na roƙi gafara sau uku. Na miƙa wa Malam ya duba mini.

Ya karanta har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko abokin nawa yana karanta ajami. Na ce a'a, liman ne zai karanta masa. Ya tambaye ni a ina. Na ce a zaure ko a ƙofar masallaci, inda aka same shi.

"To, tela," in ji shi, "wannan ba abokinka ka rubuta wa ba, mutanen Dudunni ka tara kana ba su labarin laifinka. In an karanta ta gaban jama'a, dole shi amsa gaban jama'a. In ma bai riƙe ka da komi ba, ka sa mashi abin riƙewa."

Na tambaye shi to me zan rubuta. Ya ce in tuna abin da nakan ce wa mutumin in na gan shi da safe, in rubuta shi, in tsaya. Ya ce ban-haƙuri na baki ne, ido da ido. Aikin takarda kawai ta buɗe ƙofa.

Na yanki rabin sabuwar takarda. Ban taɓa sanin gajeriyar magana tana da wuya ba sai ranar. Bayan bisimilla na rubuta daga wane zuwa ga wane, na sa gaisuwa. Na so in ce na ji shiru, Malam ya ce in cire, don zai zama kamar shi nake tuhuma da shirun. Na so in kira yaron takwarana, sai na ga kamar ina karɓar girman da ban je na karɓa ba, na bar shi a ɗan baƙo. Da na rubuta ina nan tafe, Malam ya ce ko in sa rana ko in goge, gama ina nan tafe marar rana kowa ya san ma'anarta. Na sa Lahadi. Ga abin da ya rage a ƙarshe:

"Ina kwana, aminina. Da fatan ka tashi lafiya, kai da maijego da ɗan baƙo. Ina ruwa, ina aikin gona? Ba safiyar da ba na tuna ka. Ina tafe ranar Lahadi in Allah ya yarda. Wassalam."

Na bi kowane harafi na sa masa wasali, don ajami in babu wasali mai karatu yakan yi ta lalube, wani lokaci ya faɗi abin da ba ka nufa ba. Na barbaɗa rairayi a kan tawadar ta tsotse, na kakkaɓe, na naɗe takardar ƙanana. Tawadarmu ta ƙaro ce, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke layi, ga shi damina. Saboda haka na sa ta cikin wani ƙyalle mai kauri na bi bakinsa da keke. Na haɗa da goro biyu farare a ganye.

Saura mai kaiwa. Gidan waya ba ya kai takarda ƙauye irin namu, sai dai a ba mai tafiya. Akwai wani dattijo mai sayar da kanwa da gishiri, yana da jakuna biyu, yana cin kasuwar Kusada duk mako. Na same shi yana gyara mangala. Na roƙe shi ya ratse ta Dudunni kafin ya shiga kasuwa, ba a kan hanyar dawowa ba. Ya ce ratsen zai ci masa lokaci, me ya sa ba za a bari sai yamma ba? Na ce, "Baba, ina kwana ce a ciki. In ta kai la'asar ta lalace." Ya yi dariya, ya tura ƙyallen cikin hularsa, ya ce zai fita da an sallame asuba.

Ranar da ya tafi ban yi ɗinkin kirki ba. Na haɗa hannun wata riga a baibai, sai da na farke. Ina ta lissafin inda ya kai: yanzu ya haye rafi, yanzu hantsi ya yi, yanzu ana neman liman.

Sai washegari da safe mai kanwar ya zo zauren, don a Kusada ya kwana. Muka gaisa, ya zauna, ya sha ruwa, bai yi gaggawa ba. Ya ce ya isa da hantsi, ya yi sallama, aka ce ya shigo zaure. A nan ya tarar da aminina kwance a tabarma, ƙafafunsa biyu a kumbure. Kurkunu ne ya fito masa, ɗaya a idon sawu, ɗaya a ƙwauri, kwana kaɗan bayan suna. An naɗe kan tsutsar a tsinke, kullum ana jan ɗan kaɗan don kada ta tsinke a ciki. Ko masallaci ba ya iya zuwa. Aka aika aka kira liman, ya farke ɗinkin da wuƙa, ya karanta. Aminina ya ce a sake karantawa. Aka sake. Sannan ya karɓi takardar ya sa ƙarƙashin matashinsa, ya fasa goro ɗaya ya raba wa waɗanda ke wurin, ɗayan ya ce a kai wa maijego.

Na tambayi amsa. Dattijon ya gyara zama ya faɗe ta yadda aka ba shi: "Ka ce mashi na tashi lahiya, sai dai ƙafa. Ka ce takwaranshi na gaishe shi. Ka ce in zai zo Lahadi, shi taho da hauya."

Ya ƙara da abin da ba a aiko shi da shi ba. Ya ce ya bi ta gefen gonar aminina, ciyawa ta kusa kamo geron, ba a yi maimai ba, wato noma na biyu. Ya ce ya tambayi mai gonar me ya hana shi aikowa Kankiya tun tuni, sai ya ce ya ga ban zo suna ba, ya ɗauka birni ya riƙe ni, bai so saƙonsa na farko bayan haka ya zama na roƙo.

Ban jira Lahadi ba. Na rufe keke da zane, na gaya wa masu riguna su ƙara mini kwana huɗu, na ari hauya a maƙwabta, na kama hanya a ranar. Na isa rana ta karkata. Da na yi sallama aminina ya amsa daga kwance, ya ce ai yau ba Lahadi ba ce. Na zauna a bakin tabarmar na fara bayanin rigunan da ruwan, ya bar ni na kai tsakiya, sannan ya ce shi ma ya ga ruwan, a kansu aka yi shi. Ya ɗaga murya ya ce a fito da yaron. Aka kawo mini shi a zane, ya yi ɓulɓul, yana barci. Na riƙe shi na yi masa addu'a, na sa masa 'yar hular da na ɗinka tun kafin suna.

Da magariba na zaga gidajen tsaranmu na roƙi gayya. Yawancinsu sun san halin da yake ciki, kowa dai yana fama da tasa gonar, wasu ma da nasu kurkunun, kuma shi bai buɗe baki ya nema ba. Mutum tara suka fito da safe. Matan gidan suka dama fura, aka kawo mana gona. Hannuna da ya saba da almakashi ya yi kanta ya fashe kafin azahar, suka yi ta yi mini tsiya, suna cewa a ba tela kunya ɗaya ya ɗinke. Cikin kwana biyu muka gama maimai.

Geron bai yi kamar na sauran shekaru ba, don ciyawa ta riga ta ci rabonta, amma ya kai su har bazara tare da 'yar dawar da suka samu. Ƙafar dama ta warke kafin girbi. Ta hagu tsutsar ta tsinke a ciki, ta yi ƙurji, ta bar shi da ɗan ɗingishi har tsufansa. Ranar da ya fara komowa kasuwar Kankiya a kan aron jaki ya zo, ya sauka a ƙofar zauren, ya gaida Malam, ya miƙo mini yadi uku ya ce a yi wa maijego riga.