Ɗaya Bisa Uku

A masana'antar sabulu kowa Sifili yake kiranta, har manaja. Ita ce mai kula da injuna, kuma ko fanka ka ce ta duba maka sai ta ce, "To, mu fara daga sifili." 'Yar mai gyaran keke ce. Tun ba ta kai tsawon sirdi ba babanta ke sa ta ƙirga haƙoran giyar keke, don shi bai yarda da abin da aka rubuta a kwali ba. Yau shekararta goma sha biyu a wurin, da 'ya'ya uku, da miji mai rantsuwa cewa ko gishiri sai ta auna. Ga iya aiki, ga baki. Kai, bakin Sifili!

Abin alfaharinta injin naɗe sabulu ne. Sarƙa ce mai aljihu-aljihu take tafiya, wani hannu yana juyawa yana tura sabulu ɗaya cikin kowane aljihu. A da, giya mai haƙora ce ke haɗa su. Sifili ta cire ta, ta ba hannun tasa motar lantarki da ake kira "sabo", irin wadda ke ƙirga juyinta daidai. In ka ce mata "je ki ɗari biyu", daga sifili take aunawa. In ka ce "ƙara ɗari biyu", daga inda take. Sai dai da an kashe wuta ta manta matsayinta. Shi ya sa kullum da safe ake mayar da ita gida: hannun ya taka a hankali har ya iske na'urar da ke ganinsa, nan ne sifili, a daidaita shi da aljihun farko. Daga nan sai ya bi motar sarƙa da lissafi kawai, ita juyi uku, shi ɗaya.

Da kasuwa ta buɗe aka ƙara aikin yamma, injin ya daina hutawa da rana. Aka ba da aikin yamman ga Kawu, dattijo mai son shayi da tsokana, wanda ke kiran Sifili "'yar baban keke". Sati guda kacal, sai ga sabulu yana fitowa a guntule. Da safe lafiya lau, Kawu na karɓa sai ɓarna.

"Kawu, ko shayin kake zuba masa?" in ji Sifili, ana ta dariya.

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce Kawu ya tsufa, ranar Asabar ya ajiye rigar aiki.

Abin ya tsaya wa Sifili a rai, don tsohon nan ko maɓalli ba ya taɓawa sai ya tambaya. Washegari bayan an mayar da hannun gida, ta ɗiga jan fenti a gefen sarƙa, daidai inda yake sauka. Ƙarfe goma ya ɗan ja baya. Azahar ya kai faɗin yatsa. Af! Ashe tun safe yake zamewa, Kawu gadon ɓarnar kawai yake yi.

Ta buɗe murfi ta ƙirga haƙoran da ke tsakanin mota da sarƙa: ashirin da sittin, uku cif. Ta buɗe kwamfuta ta duba lambobin da ta sa a madadin giyar da ta cire. Sama 33333, ƙasa 100000.

Ta tuna ranar sarai: ta raba ɗaya da uku a wayarta, ta kwafe abin da ta gani, tana sauri za ta ɗauko yara makaranta. Ɗan guntun da ta yar bai kai komai ba a juyi ɗaya, amma a aljihu dubu goma sha bakwai ya taru ya zama yatsa. Ita, 'yar mai ƙirga haƙori! Kunya kamar ta nutse.

Ta goge, ta sa 1 a sama, 3 a ƙasa. Gyaran bai ci minti ɗaya ba, kuma ba wanda ya gani. Da ta yi shiru, sabulu zai gyaru, a ce don an sallami tsoho ne.

Ta tarar da manaja a ofis, Kawu na tsaye da rigarsa a naɗe a hammata, don shi ya ce ba zai jira Asabar ba.

"Ranka ya daɗe, ni ce," ta ce. "Lambar da na sa ce ba daidai ba, tun ranar farko. Kawu bai yi komai ba."

Manaja ya yi faɗa son ransa, ya kuma ba ta takardar gargaɗi, ta farko a shekara goma sha biyu. Ta karɓa hannu biyu.

A bakin ƙofa ta tsaya tana jiran tsokana, don ta san ta ci bashinta. Kawu ya warware rigarsa, ya kakkaɓe, ya sa. Sai da ya sa maɓallin ƙarshe sannan ya dube ta.

"Ban ma faɗa musu a gida ba," ya ce a hankali. "Tun jiya nake neman ta inda zan fara." Ya goge ido da bayan hannu. "Zo mu sha shayi, 'yar baban keke."