Gidan Wa Za a Sauke?

Kafin taubashina ya zo daga Zazzau, ni ce alƙalamin rumfar Baba. Rumfar tana cikin kasuwar Birnin Gwari, layin masu kanwa da gishiri da goro. Ni ba na zama a can, amma duk takardar da ta zo daga ƙauye, Baba yakan cusa ta a aljihu ya kawo gida bayan la'asar, in karanta masa, in rubuta amsa. Kakana ne ya koya mini ajami tare da yaran zaurensa, kuma ya sha faɗa a gaban mutane cewa na fi su kai. Shekarata goma sha uku, amma in na riƙe alƙalami ji nake har kajin gidanmu suna rage murya.

Ga yadda cinikin yake. Mutumin Kusasu ko Saminaka ko Kazage yana son kaya, amma gona ta riƙe shi. Sai ya sa a rubuta masa 'yar takarda, ya ba duk wanda zai shigo kasuwa. Mu kuma muna da mai jaki, wani dogon mutum maras magana, da yake zaga ƙauyuka sau ɗaya a mako yana sauke wa kowa nasa. Matsalar ita ce rabin takardun ga abin da suke cewa: "A aiko mini da kanwa." Shi ke nan. Mudu nawa? Oho. Wane gida? Oho. Kamar Baba yana da aljani a cikin buhu da yake raɗa masa.

Amsoshina kuwa, wallahi sarki ma zai so a aika masa irinsu. Nakan gaida mai saƙo, in gaida iyalinsa, in tambayi damina, in tambayi shanu, in yi wa iyayensa addu'a. Can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa, sai in matse tambayar da ƙananan baƙaƙe. Su ma sai su amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, su ce shanu lafiya, su manta da tambayar. Baba yakan ce takardar nan sai ta keto hamada a bayan raƙumi kafin ta iso hannuna, ni kuma ina ƙarar da ita a kan lafiyar shanun mutane.

Sai ga ɗan goggona ya sauka da fatake, wai zai koyi kasuwanci wurin Baba. Ya girme ni da shekara uku, wuyansa kamar na zalɓe, hularsa a karkace. Kwana biyu da zuwansa ya ɗauki amsata ɗaya, ya karanta da ƙarfi a tsakar gida, yana numfashi kamar wanda ya hau dutse.

"Kawu," in ji shi, "wannan wasiƙa ce ko huɗubar Idi?"

"Ajiye mini takardata, Bazazzagi mai wuyan murfin tulu," na ce.

"Aku sarkin magana, ba ni allo ki ga aiki."

Ya zauna ya rubuta, ya goge, ya sake. Kafin Inna ta sauke tuwo ya gama. Har yau na haddace shi, don abin da ya ƙona maka rai ba ya fita daga kai:

"Bayan gaisuwa. Saƙonka na kaya kaza ya iso, mun gode. Abu biyu suka rage. Nawa kake so, mudu ko kantu ko ƙwarya? A wane gari, kuma gidan wa za a sauke? Ka amsa a bayan takardar nan, ka ba wanda ya kawo ta. Za mu ajiye maka kayan har kasuwa biyu. Wassalam."

Wurin "kaza" sai a sa sunan kayan, kanwa ko goro. Ya ce a rataye allon a rumfa, a kwafe shi tun kafin a buƙata, wanda ya kawo saƙo maras kai ya koma da amsa a ranar, ba sai an kwana ba. Falle ɗaya da nake cinyewa a kan mutum guda, shi ya yanka shi gida takwas.

Baba ya karanta sau biyu. Ya dubi allon kamar an haifa masa ɗa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki gafakar takardu da kurtun tawada daga gefena, ya ajiye a gefen taubashina.

Abin haushin, abin ya yi aiki. Takardu suka riƙa dawowa da amsa a baya: goro ƙwarya biyu, gidan sarkin pawa, gishiri kantu ɗaya, gidan liman. Mai jaki, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, aka ce ya yi murmushi. Maƙwabcin Baba mai sayar da baban rini ya zo aron allon ya kwafa. Inna ta fara ƙara wa Bazazzagi nama a miya. Ni kuwa in na ji an ce "yaron nan akwai kai", sai in ture akushin tuwona gefe. Na yi addu'a tawadarsa ta zube. Na yi addu'a gara ta ci allon. Har akuyarmu na ja kusa da gafakarsa, ta shinshina ta wuce, maras amfani.

Bayan girbi sai ga wata takarda daga wajen Kazage, da rubutu kamar kaza ta taka tawada. Wani tsoho mai zuma ya kawo ta. Ya ce wata dattijuwa ce take tare shi a bakin rafi duk ranar kasuwa, bai san gidanta ba, jikanta ne yake rubuta mata. Takardar ta ce: "A aiko da kanwa da gishiri. 'Yata ta haihu."

Taubashina ya zaro guda cikin takwas ɗinsa, ya cike, ya ba mai zuma. Kasuwa ta zagayo, amsa ta dawo. Baba ya kawo ta gida suna juyawa shi da ɗan 'yar'uwarsa, ni ina gefe ina tsince wake da kunnuwana duka a wajensu.

"Kanwa mudu goma, gishiri kantu biyu," taubashina ya karanta. "A sauke a gidan shi."

"Gidan wa?" in ji Baba.

"Haka ta ce, Kawu. Gidan shi."

Nan take na gane. Gidan mijinta ne, kuma wace mace ce za ta buɗe baki ta kama sunan mijinta, balle a gaban jika, balle a rubuta shi a kai kasuwa maza su karanta? Inna shekara ashirin tana gidan nan, ban taɓa jin ta ce komai ba sai "shi" ko "mai gidan". Amma allon mai kai ya ce gidan wa, kuma su biyun da suke juya takardar duk maza ne.

Na ci gaba da tsince wakena. Daɗi ya cika ni har kunne.

Taubashina ya sake aika mata irin takardar, ya ja layi a ƙarƙashin "gidan wa". Ta dawo da amsa: "Gidan nasa dai." Baba ya ce to mai jaki ya ɗauki kayan, ya je ya tambayi inda aka haihu. Ashe a wannan watan kamar duk matan Kazage sun haɗa baki. Gida uku ya samu da jego, a unguwanni uku, kowanne aka ce masa, "Namu ne, Allah ya saka da alheri," don sun ɗauka kyauta ce. Ya kama igiyar jakinsa ya dawo da kayan.

Ina bayan rumbu ina dariya har da riƙe ciki, Inna ta same ni.

"Ke, me kika sani?"

"Ni? Ba ni da kai ai. Masu kai suna zaure."

"Yarinyar mutane tana can tana wankan jego ba kunun kanwa, ke kina nan kina washe baki. Wuce ki gaya wa mai gidan."

Gaskiya wannan ta ɗan taɓa ni, don ban tuna da mai jegon ba ko sau ɗaya. Amma ban tafi hannu sake ba. Na durƙusa gaban Baba na ce zan warware masa, in za a mayar mini da gafakata.

"Faɗi tukuna," in ji shi.

Na faɗa. Baba ya waiwaya wajen ɗakin Inna, ya fashe da dariya. Taubashina ya gyara hularsa, ta ƙara karkacewa.

"To me za a rubuta, malama Aku?"

"Ka ƙara layi ɗaya, Bazazzagi. In ba a faɗin sunan mai gidan, a faɗi sana'arsa da abin da ke ƙofar gidan."

Ya rubuta, mai zuma ya tafi da ita. Amsa ta dawo a cike har gefe: gidan maƙeri, unguwar gabas, akwai tsamiya a ƙofa, jaki ya bi ta bayan rijiya don gaban akwai taɓo. Kwana biyu bayan haka kanwa ta isa, dattijuwar ta aiko wa Baba da ƙwaryar gyaɗa.

Ranar na yi wanka, na sa zanen Sallah, na zauna inda gafaka za ta same ni. Baba yana ɓare gyaɗar ya ce, "Kai, 'yar nan tawa akwai kai. Yaushe kika gane?"

Nan ne bakina ya kashe ni.

"Tun ranar farko, Baba! Yana karanta 'gidan shi' na gane. Kafin ya rufe baki ma!"

Baba ya daina ɓare gyaɗar.

"Tun ranar farko. Kika bar takarda ta je ta dawo, kika bar jakina ya zaga Kazage da kaya a banza, kika bar mai jego tana jira."

Na duba ƙasa ko akwai rami. Babu.

"Gafaka tana inda take," in ji shi. "Wanda zai riƙe mini alƙalami, in ya ga rami a gabana sai ya yi magana."

Taubashina bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya dai tura mini gyaɗa guda uku da yatsa, kamar ana ba biri.

Layina yana nan a kan allon rumfa, na biyar daga sama, da rubutunsa. Rumfa huɗu sun kwafa. Jiya na ji mai sayar da baba yana gaya wa Baba a zaure cewa duk allon ba inda ya kai wannan layin hikima, yaron nan har halin mata ya sani. Na tsaya a bayan zana ina jira Bazazzagi ya ce ba nasa ba ne.

Ya ce, "Ai na taubashiyata ne, ita ta faɗa."

"Allah sarki," in ji mai baba. "Ga kai, ga kuma kawaici."