Wasiƙar da na yi wa wanka

A dogon hutun da na gama aji biyu na babbar sakandare, Yaya ta zaunar da ni a shagonta na buga takardu a Kazaure. Ta haihu ba da jimawa ba, tana bukatar wanda zai tsare mata kwamfuta idan ta koma gida shayarwa. A gidanmu an san ni da kyan rubutu, an kuma san ba na iya ɗaga ido in kalli babba. Yaya ta ce hakan ya yi mata daidai, ai kwamfuta ba ta bukatar a kalle ta da fara'a.

Ranar farko ta nuna mini ƙusar da ke jikin bango, inda ake soke rubutun hannun da mutane ke kawowa bayan an buga. Ta ce, "Ki gyara yadda mutum ya faɗa, kar ki taɓa abin da ya faɗa. Inda ba ki gane ba ki tambaya. Kafin ki fitar a firinta ki karanta masa, ya ji da kunnensa."

Na ce to. Na gyara takardun neman aiki, na raba kalmomin da aka manne, na sa aya inda mai rubutu ya yi gudu babu numfashi. Har na fara jin kaina.

Wata ranar kasuwa, bayan Yaya ta fita, wani dattijo ya shigo. Babarbare ne mai tsage a kumatu, manomi daga wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Ya cire hularsa, ya zaro takarda daga ciki, an ninke ta har sau huɗu. Fallen littafin makaranta ne, an cika shi gaba da baya da jan biro. Ya ce a ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, kuma malamin ya gudu kafin su kai ga darasin aya.

"'Yata, bugawa nake so a yi. Wanda zan aika wa ba ya ɗaga wayata. Amma in ya ga takarda ta inji, dole ya sa a karanta masa."

Ban tambaye shi ba, shi ya ba ni labarin. Yana da aboki Bafulatani mai ruga ta wajen Roni. Tun suna samari, duk kaka idan Baba, wato dattijon nan, ya kwashe amfanin gona, abokin ke kawo shanunsa su ci kara da harawa, su bar masa taki. Bara shanun suka riga lokaci, suka shiga waken Baba tun yana fure. Baba ya fusata ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka sasanta, amma tun ranar abokin bai sake taka gonar ba. Yanzu kuma an ce bana a wata gona zai sauke shanunsa.

"In ya sauka can, shi ke nan," in ji Baba. Ya mayar da hularsa. "Buga."

Na buɗe takardar. Layin farko, bayan na raba kalmomin, ya ce: zuwa ga bawana mai ƙafa kamar sillen kara.

Na ɗago kai, na sunkuyar. Na ci gaba. Baba ya kira abokinsa ɓarawon wake ɗan ɓarawon wake. Ya ce shanunsa sun rame har ana rataye musu buta a ƙashin baya. Ya ce ubangida ya kai bawansa gaban mai unguwa don ya koya masa hankali, sai ga shi ubangidan ne ya kasa barci. Ya ce harawa na nan ta bushe a kan rufin ɗaki, ta rasa ɓarawon da zai ci. Ya rufe da cewa in bawan bai kawo shanunsa bana ba, zai zo da kansa ya ɗaure shi da igiyar maraƙi.

Na san akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, kowa ya sani. Amma a ganina wasa na baki ne. A makaranta an koya mana yadda wasiƙa take: gaisuwa, maƙasudi, rufewa cikin ladabi. Kuma ga mutum yana neman sulhu, zai fara da kiran mutum ɓarawo? Na ce a raina Allah ne ya kawo Baba hannun mai ilimi.

Na yi wa wasiƙar wanka. Bawana ya koma aminina mai daraja. Ɓarawon wake na share shi gaba ɗaya. Shanu masu rama suka zama dabbobinka masu albarka. Na rubuta cewa ina mai ba ka haƙuri bisa abin da ya faru, wanda babu shi ko a gefen takardar Baba. Igiyar maraƙi ta zama: idan ka ga dama, ƙofa a buɗe take.

Saura karantawa. Janareta na ruri a bakin ƙofa, ni kuma na sauke muryata can ƙasa, wadda ko ni ban ji sosai ba. Da gangan na yi. Baba ya karkato da kunne, ya gyaɗa kai, ya ce, "Kin sa maganar ƙafar?"

Na yi wani ɗan sauti da za a iya ɗauka e ne.

Ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama yana sha'awar layukan, don ya bar tabaransa a gida. Ya dangwala hannu, ya sa a ambulan, ya ba wani ɗan acaɓa mai zuwa Roni. Ni kuma na soke jan rubutunsa a ƙusa, ina jin kamar na raba faɗa.

Da kasuwa ta zagayo, Yaya na zaune tana jijjiga jaririya, sai wani dogon dattijo ya yi sallama. Ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya cire malafa. A hannunsa akwai ambulan da na gane tun daga nesa. Ban yi niyya ba, amma idona ya sauka kan ƙafafunsa. Baba bai yi ƙarya ba.

"Ɗan acaɓa ya ce a nan aka buga wannan," ya ce wa Yaya. "A nan nake so a buga amsa."

"Bismilla, Baffa, zauna. Ƙanwata za ta buga."

Ya zauna a bakin benci, bai jingina ba. Ya fara faɗa a hankali, ina bugawa.

"Zuwa ga Malam. Na ga takardarka, ɗana ya karanta mini. Na gode da karamci. Babu komai tsakaninmu. Bana shanuna za su sauka wani wuri. Allah ya ba kowa alheri."

Yaya ta ce, "Shi ke nan, Baffa?"

"Me ya rage? Mutumin da tun muna samari bai taɓa kirana da sunan kirki ba, yau ni ne aminina mai daraja. Ya ce in na ga dama. Haka ake rubuta wa baƙo. Ɗana ya karanta sau biyu, na ce duba baya, ko ya ɓoye zagin a can. Babu." Ya juya malafar a hannunsa. "Ƙarar da ya kai ni ba ta yi mini zafi kamar wannan ba. Ya sallame ni ke nan, cikin ladabi."

Yatsuna suka tsaya a kan madannai. Yaya ta karɓi takardar ta karanta, ta dube ni. Ta san Hausar litattafan makarantarmu in ta gan ta. Ta kalli ƙusa, ta sake kallona.

Na tashi. Na ɗaga takardun mako guda ɗaya bayan ɗaya har na kai ga jan biro. Na durƙusa a gaban Baffa, na ce, "Baffa, ba shi ya rubuta waccan ba. Ni ce. Tasa ga ta."

"Ke kika ce mini mai daraja?"

"Ni ce."

"To shi me ya ce?"

Na miƙa wa Yaya takardar. Ta gyara wa jaririya zani ta ce hannunta ba sarari. "Ke kika wanke, ke za ki mayar da dattin. Kuma na kashe janareta, kowa zai ji."

Mai fotokwafi na shagon gefe ya leƙo. Wata mata da ta zo buga katin suna ta gyara zama. Na riƙe takardar da hannu biyu, ina kallon siminti.

"Zuwa ga... bawana."

"Ɗaga murya, 'yata, kunnen ya tsufa."

"Zuwa ga bawana mai ƙafa kamar sillen kara!"

Baffa ya dubi ƙafafunsa. Ya ja rigarsa ya rufe su. Gefen bakinsa ya motsa.

"Ci gaba."

Na kira dattijon da ya yi jika da ni ɓarawo ɗan ɓarawo, a gaban mutane, da rana tsaka. Inda Baba ya manne kalmomi na tsaya na raba su, don kada zagi ɗaya ya lalace a hanya. Da na zo kan butar da ake rataye wa shanu, matar mai katin suna ta toshe baki da mayafi. Da na zo inda ubangida ya kasa barci, Baffa bai yi dariya ba. Ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon ƙofa.

Igiyar maraƙi ce ta kwance shi. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Shi zai ɗaure ni? Wannan da ko akuya ta fi ƙarfinsa?" Ya share ido da bakin rawani. "Goge waccan amsar. Zauna. Kuma wallahi in kika rage ko ɗaya, ke ma sai na kai ki gaban mai unguwa."

Ya jingina da bango ya miƙe ƙafa. Baffa na magana yana haɗa Hausa da Fulatanci, yana mai da mace namiji, yana fara zance ya bar shi ya kama wani. Aikina in daidaita jimlar, zagin ya fito da ƙafafunsa. Ya ce kaza ce ta yi tsere a fuskar Baba aka ce tsage ne. Ya ce waken da shanunsa suka ci sai da suka yi kwana uku suna zawo, shi ya kamata ya kai ƙara. Wani wuri ban gane ba ko shanun ne marasa kunya ko Baba, na tambaya.

"Shi mana! Shanuna sun fi shi tarbiyya."

A ƙarshe ya ce a rubuta: ka sauko da harawar, bawa, iyayen gidanka na tafe bayan an kwashe dawa.

Na karanta masa daga farko har ƙarshe da muryar da ban san ina da ita ba. Ya sa na ƙara kaza ta zama kaji biyu. Aka tayar da janareta, firinta ta fitar.

Yaya ta ce, "A kira ɗan acaɓan ya kai Gwiwa?"

Baffa ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya ɗauki sandarsa.

"A kira shi dai, amma ni zai ɗauka. In ba na wurin, wa zai ga fuskarsa in an zo kan kajin?"