Ranar da Wutsiyar Harafi Ta Ɓace wa Yaya Ƙwaƙƙwafi

A gidansu babu mai kiranta da sunan yanka. Tun tana firamare mahaifiyarsu ta laƙaba mata Ƙwaƙƙwafi, domin ko kalandar bango aka kawo gida sai ta bi watannin ɗaya bayan ɗaya ta ga ko an tsallake wata rana. Da ƙanne suka zo sai suka ƙara Yaya a gaba, sunan ya zauna daram. Wanda ya fi kowa shan wahalarta shi ne autansu. Duk aikin gida da zai kai makaranta sai ya bi ta hannunta, kuma bai taɓa fitowa lafiya ba. Ya sha yin kuka yana cewa amsarsa daidai ce, ita kuwa ta tsaya a kansa tana cewa, "Goma me? Goma awaki ko goma mita?"

Ta karanta kimiyyar sinadarai, ta yi 'yan shekaru a ɗakin gwaji, sannan ta gano cewa abin da ya fi faranta mata rai shi ne takardar da ke fita bayan an gama gwajin. Nan ta tare. Shekaru masu yawa ta yi a wani babban kamfani tana duba rahotannin injiniyoyi kafin su bar ofis. Tsarinta bai taɓa canzawa ba. Ba ta karanta rahoto sau ɗaya ta ce ta gama. Zagayen farko na lambobi ne zalla: abin da aka faɗa a taƙaitawa shi ne a jadawali, abin da ke jadawali shi ne a takardar asali? Sai ta koma farko ta bi ma'auni, kada a fara da mita a ƙare da ƙafa. Sai kwanan wata, wanda ta fi tsana a rubuta shi da lambobi tsura, don 3/4 a wurin wani uku ga Afrilu ne, a wurin wani huɗu ga Maris. Sannan gajerun sunaye: duk wanda aka taƙaita sai an fara rubuta shi cikakke a wurin da ya fara fitowa, kuma ba zai canza kama ba har ƙarshe. In ta ga saɓani ba ta gyarawa da ka. Takan zagaye shi da jan biro ta tafi wurin mai rahoton ta ce, "Wanne ne gaskiya?" Injiniyoyi suna ganinta tafe da takardu sai su fara salati.

To, autan nan da ta addaba shi ma injiniya ya zama, na ruwa. Wata rana ya ajiye aikin albashi ya buɗe nasa ofis, ɗaki biyu a saman wani shagon sayar da fenti, da tebur uku da fanka mai ƙara. Ya zo har gida ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki zo ki ci gaba da azabtar da ni." Ta yi dariya har da hawaye, ta bi shi.

Aikinsu na farko mai nauyi shi ne na wata makarantar firamare da aka haƙa wa rijiyar burtsatse. An kafa tanki, an jera famfuna, amma an sa musu kwaɗo, domin hukumar lafiya ba ta yarda yara su sha ba sai ta ga rahoton ingancin ruwan. Kwamitin hukumar zai zauna ran Alhamis da rana. In rahoton ya gamsar da su, a buɗe famfo, ofishin Auta kuma ya shiga sahun waɗanda ake ba aiki. In ya dawo da matsala, sai zama na gaba bayan wata uku, yara su ci gaba da zuwa da gorunan ruwa daga gida, shi kuwa a san shi da cewa rahotonsa na farko ya dawo.

Ruwan kansa lafiya lau yake. Sakamakon ɗakin gwaji ya zo fes, Auta yana ta tsalle kamar wanda aka yi wa haihuwa. Yaya ta yi zagayenta huɗu tun ran Talata. Ta kama wurin da aka kira rijiyar RB1 a shafi ɗaya, R1 a wani. Ta kama zurfin rijiya da ya zama mita 64 a taƙaitawa alhali takardar mai haƙa ta ce 46, Auta ya duba ya ce hannunsa ne ya juya. Ta mayar da kowane kwanan wata da sunan watansa. Ran Laraba kuma, da ta ga jadawalin da aka kwafo daga fayil ɗin ɗakin gwaji yana da salon rubutu daban da na sauran rahoton, sai abin ya tsaya mata a rai kamar tsakuwa a takalmi. Ta zaɓi rahoton gaba ɗaya a kwamfuta, ta sa masa salo guda. Ta dube shi ya yi sumul, ta tafi gida tana jin kanta.

Safiyar Alhamis Auta ya shigo da sabuwar riga, turare yana tashi. An buga kwafi, an ɗaure da bango mai sheƙi, direba yana ƙasa yana jira.

"Yaya, sa hannu kawai ya rage. Ga wurinki nan."

"Ba mu yi karatun baki ba."

Wannan shi ne abu na ƙarshe a tsarinta, kuma shi Auta ya fi tsana. Mutum ɗaya zai riƙe kwafin da aka buga, ainihin wanda zai fita, ya karanta kowace lamba da ma'auninta da babbar murya, ɗayan yana bi da yatsa a takardar asali ta ɗakin gwaji.

"Haba Yaya! Kin bi shi sau huɗu fa. Tun Talata ba wanda ya taɓa ko lamba ɗaya."

"Abin da na bi na Talata ne. Wannan na yau ne. Zauna."

"Wallahi ke ko aljanna aka ba ki sai kin nemi ganin takardar asali."

"In an ba ni ai zan duba. Zauna, na ce."

Ya zauna yana karkaɗa ƙafa, ya ɗauki kwafin. Ita ta shimfiɗa takardar ɗakin gwaji ta ɗora rula a layin farko. Ya riƙa zubo su da sauri kamar mai karanta sanarwa, tana cewa "daidai, daidai". Ƙarfe ya wuce, gishiri ya wuce. Sai ya iso layin dalma, ƙarfen nan mai guba da ake tsoro a ruwan yara.

"Dalma, shida, miligiram a lita."

"Sake faɗa."

"Shida, miligiram a lita."

"Maikirogiram dai. Ka duba da kyau, akwai ɗan harafin nan mai wutsiya a gaba."

"Babu wata wutsiya a nan, Yaya. Ga shi, mg."

Ta fizge kwafin. A takardar asali an rubuta µg/L, a kwafin da ke hannunta kuwa mg/L ne ɓaro-ɓaro. Miligiram ɗaya maikirogiram dubu ne. Iyakar da rahoton ya kafa hujja da ita maikirogiram goma ce a lita, ruwan yana da shida, wato ya tsallake. Amma yadda jadawalin ya fito yanzu, yana cewa ruwan ya ninka iyakar sau ɗari shida, alhali taƙaitawa tana cewa a sha lafiya. Duk ɗan kwamitin da idonsa ya faɗa kan layin nan, rufe rahoton zai yi.

Ta bi jadawalin da yatsa. Duk inda harafin mai wutsiya ya kamata ya kasance, ya zama m. Amma ran Talata da idonta ta gan shi! Ta tsaya cak, sai kuma ta miƙe har kujera ta faɗi.

"Na gane! Auta, na gane! Buɗe mini fayil ɗin ɗakin gwajin, yi sauri!"

Ta ɗora alamar kwamfuta a kan harafin, ta nuna masa sunan salon rubutun da ya bayyana a sama. Mutanen ɗakin gwajin da tsohuwar dabara suke buga shi: m suke dannawa, sannan su sa mata wani salo na alamomi da ke nuna ta da wutsiya. Da aka canza salon rahoton baki ɗaya, sai rigar ta fita, m ta koma m ɗinta. Yaya tana bayani tana tafa hannu, murna ta cika ta kamar wadda ta kama ɓarawon da ya daɗe yana damun unguwa, har ta manta ta tambayi kanta wane ne ɓarawon.

Auta ne ya tambaya, a hankali. "To wa ya canza salon?"

Yaya ta ɗaga kujerar ta zauna.

"Ni ce," in ji ta.

Abin da Auta ya yi, da a gaban baƙi ne da an ce ya zautu. Ya ɗaga hannu sama ya zagaya tebur yana rawa da sabuwar rigarsa. "Allah mai iko! Yau na ga ranar! Bari in kira Mama!" Ya zare jan biron daga hannunta ya zagaye mg ɗin nan da wata ƙatuwar da'ira, ya sunkuyo ya kwaikwayi muryarta sak ya ce, "Shida me, Yaya? Shida awaki?"

Kunya ta kama ta sosai, ba ta ɓoye ba, amma dariya ta fi ƙarfinta. Ta ce, "Ka gama? To zo mu yi aiki, rana tana yi."

Suka bi kowane wuri suka sa harafin na ainihi, wanda ba ya canzawa ko an sauya salo, ta kuma ƙara layi a ƙasan jadawalin da ya rubuta ma'aunin da kalmomi. Suka sake bugawa. Direba ya hau sama sau biyu yana nuna agogo. Wannan karon da ta miƙa hannu za ta sa sunanta, Auta ne ya janye takardar.

"Karatun baki tukuna. Wannan sabo ne."

Suka karanta shi daga farko, shi da kansa yana jan kowace lamba a hankali. Sannan ya kwashi kwafin ya sauka matattakala bibbiyu.

Ranar ba ta iya cin abincin rana ba. Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara, tana ɗauka ba ta ji muryarsa ba, sai hayaniya.

"Auta? Me suka ce? Ka yi magana mana!"

"Yi shiru ki ji, Yaya."

Ya kara wayar kusa da famfo. Ta ji ruwa yana zuba da ƙarfi a kan siminti, yara suna ihu suna ture juna, wata malama tana ta cewa a bi layi, ba mai jin ta. Yaya ta zauna a ofis ita kaɗai, wayar a kunne, hawaye suna zubo mata don daɗi. Da ya ce zai kashe, sai ta ce ya ƙara barin ta ta ji kaɗan.